Layi Biyu Don Mai Guga

Shagon Sakatariya yana ƙarƙashin matattakalar benen shaguna, inda dogon mutum sai ya sunkuya kafin ya shiga. Ba wani abu a ciki sai injin kwafar takardu, kwamfuta ɗaya, kujera biyu, da tsohuwar tafireta a kan kabad, lulluɓe da tsumma. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a ofis kafin ta yi ritaya, sunan kuma ya bi ta har gida. Mijinta, Allah ya jiƙansa, in yana son tsokana haka yake kiranta.

A ofis abu ɗaya aka koya mata, ta riƙe shi da hannu biyu: abin da aka miƙo miki shi za ki buga. Ba ƙari, ba ragi, ko da waƙafi ne. Ta buga takardar ƙarin girma, ta buga ta kora, duk da fuska ɗaya. In takarda ta yi ɓarna, mai sa hannu ne ya yi, ba mai bugawa ba. Saboda wannan halin ne 'yan ƙungiyar masu shagunan benen suka ba ta riƙon shafinsu na intanet. Sun ce ita ba ta da ƙarin gishiri.

Mutanen unguwa da yawa suna bin shafin. A nan ake jin ranar da za a ɗauke ruwa, da wanda ya kawo sabon kaya, da wanda aka yi wa rasuwa.

Wata Litinin Shugaban ƙungiya, mai sayar da labule a sama, ya sauko da guntuwar takarda. Ya ce a sa yanzu. Ta karanta: agogo mai tsada ya ɓace a aljihun rigar da aka kai guga a shago na bakwai, a kula. Agogon nasa ne. Shago na bakwai kuwa kowa ya san na Mai Guga ne, mutumin da ya shekara tara yana aiki taku goma daga ƙofarta. Ta ɗan dubi takardar fiye da yadda ta saba, sannan ta buga. Saƙon gajere ne, ya fito ɗungurungum a fuskar kowace waya, ba abin da ya ɓuya. Kafin yamma har masu tallan ruwa sun sani.

Daga ranar igiyar rataya ta shago na bakwai ta fara yin sauƙi. Ba wanda ya ce wa Mai Guga ɓarawo. Zuwa kawai suke yi su karɓi kayansu, wasu ma ba a goge ba, su ce tafiya ta kama su.

Bayan kwana bakwai Shugaba ya sake saukowa, wannan karon da takarda cike da rubutu gaba da baya. Ya ajiye, ya tambayi lafiyar jikoki, ya hau. Takardar ta fara da gaisuwa ga iyayen ƙungiya maza da mata, da fatan kowa ya tashi lafiya. Sai godiya ga waɗanda suka gyara fitilar matattakala. Sai tunatarwa kan shara, sai maganar ajiye babura a bakin ƙofa. A sakin layi na shida ne ya rubuta cewa agogon da aka yi cigiya mai wankin mota ya tsince shi ranar Talata a ƙarƙashin kujerar motar shi Shugaban, don haka ba laifin kowa, a yi haƙuri, a ci gaba da hulɗa kamar da.

Sakatariya ta ji sanyi a ranta. Ta buga duka yadda yake, ta sa a shafi, ta tafi gida da saurinta.

Kwana uku suka wuce, igiyar shago na bakwai ba ta ƙaru da ko hula ba.

Ranar Alhamis da hantsi Mai Guga ya sunkuyo ya shigo, bai zauna ba. Mutum ne siriri, mai tabon ƙuna a bayan hannu, ba ya ɗaga murya ko da an taka shi.

"Yaya, an ce an ga agogo."

"An gani. Ai na sa a shafi tun Litinin."

"Haka Shugaba ya ce mini." Ya ciro wayarsa, ya miƙo mata. "Nuna mini inda yake."

Ta sa tabarau. A fuskar wayar layi biyu ne kawai suka fito: gaisuwa ga iyayen ƙungiya maza da mata, da fatan kowa ya tashi. Daga nan sai ɗigo uku, sai wasu kalmomi biyu masu dishi-dishi, "Duba ƙari." Ta taɓa wurin, rubutun ya warware har ƙasa. Ta ja, ta ja, ta nuna masa da farce.

Ya dubi wurin, ya dube ta. "Na farkon ba sai da aka taɓa wani abu ba."

"Wancan gajere ne."

"Eh. Gajere ne." Ya mayar da wayar aljihu. "Ke kika buga duka biyun, ko?"

"Abin da aka ba ni na buga, ƙanena."

"Na sani. Ni dai ranar Asabar zan kwashe. Yayana ya ce in zo in tsaya masa a shagonsa, can ba wanda ya san ni." Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Ɗan ƙanwarki da ya buɗe wurin wanki a bayan layi, ina fata kasuwa tana kyau."

Yaron ƙanwarta ne, gaskiya, kuma kayan da suka bar shago na bakwai can suka nufa. Ita ba ta taɓa haɗa biyun a ranta ba. Ashe wasu sun haɗa mata.

Da ya fita ta buɗe saƙon a kwamfuta. A nan layukan suna da faɗi, gaisuwar da godiyar duk sun fito kafin a yanke, shi ya sa ba ta lura da komai ba ranar da ta sa. A ƙasa mutum goma sha huɗu sun yi sharhi. Duk amin ne, da "mun gode Shugaba." Wata ta sa hoton fure. Ta duba inda shafi yake nuna wa mai riƙonsa lissafi: sama da mutum ɗari huɗu saƙon ya gifta ta gabansu, waɗanda suka taɓa shi ba su kai ashirin ba.

Ta leƙa wurin Tela, maƙwabcinta na dama.

"Ka ga saƙon Shugaba na Litinin?"

"Na gani, Hajiya, har na ce amin." Bai ɗaga ƙafa daga keken ba. "Gaisuwa ce, ko? Ko an canza ranar shara?"

"Ba ka buɗe ba?"

"In mutum ya fara da iyayen ƙungiya, ai na san sauran. Akwai wani abu ne?"

Ta ce babu, ta hau sama.

Shugaba yana kan tsani yana rataye labule. Ya sauko da fara'a, ya jawo mata kujera. Ta faɗa masa abin da ta gani, a hankali, ba tare da ta ce laifin wani ne ba. Ta ce ko za a ɗauko maganar agogon a kawo ta sama.

"Haba Sakatariya. A fara magana ba gaisuwa? Me manya za su ce?" Ya yi murmushi. "Na rubuta, na ba da haƙuri a bainar jama'a. Mai son karatu zai karanta. A bar shi yadda yake."

Tana saukowa tana tunani. Mutumin kirki ne, shi ya biya kuɗin fitilar matattakala daga aljihunsa. Wataƙila haka ya iya rubutu, irin na mutanen da. Ita ma haka aka koya mata. Amma da ta zauna sai hannunta ya kai ta shafin shagonsa na labule, wanda shi da kansa yake rubutawa. Tallan jiya ya fara da cewa labulen falo guda shida ne suka rage, kala uku, ga farashi. Na shekaranjiya ma haka. Ta koma baya har wata biyu, ba ta ga inda ya gaishe da iyayen kowa ba.

Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

Da la'asar 'yarta ta biyo daga ɗauko yara a makaranta. Mace ce mai 'ya'ya uku, tana sayar da zannuwan gado ta waya, bakinta kuma ba ya jiran izini. Ta saurari labarin tana ɓare wa ƙaramin lemo.

"Mama, mutumin nan ya san abin da yake yi. Binne shi ya yi, ya ba ki shebur."

"Ban ce haka ba."

"Ba sai kin ce ba. Kawo in gyara."

"A gyara tsohon?"

"Wa zai koma kan saƙon kwana uku? Ko kin gyara ba zai dawo sama ba, sai dai a rubuta 'an gyara' a jikinsa, Shugaba ya ce kin taɓa masa magana. Sabo za a sa." Ta goge hannu, ta karɓi wayar, yatsunta suka yi ta rawa. "Ga shi."

Sakatariya ta karanta: ba za ku yarda da inda aka samu agogon nan ba, ku karanta har ƙarshe.

"Wannan kowa sai ya taɓa," in ji 'yar. "Da shi nake sayar da zanin da ya shekara a kabad."

"Wanda bai taɓa ba fa?"

"Shi ya so."

"Wanda yake kan babur, ya gani ya wuce. Ina zai ce an samu agogon?"

'Yar ta sake duban wayar.

"A ƙarƙashin teburin guga zai ce," in ji Sakatariya. "Goge."

"To ki faɗa kai tsaye. An samu agogo a motar Shugaba, shi ke nan."

Wannan ma ta juya shi a ranta. Gaskiya ne, amma in an faɗi haka a sama ba mai buɗewa, sai dariya. Za a kwana biyu ana yi da Shugaba, a manta da mai shago na bakwai. Ban haƙurin da kiran a koma hulɗa, waɗanda su ne da hannun Shugaba, za su sake zama a ƙasa ba mai gani. Ita kuma so take a ji daga bakinsa, ba daga nata ba. Nata bakin, ta gane yau, akwai ɗan ƙanwa a rataye da shi.

Ta jawo farar takarda da fensir. Ta ƙirga haruffan da suka fito a layin farko na wayarta, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kamar yadda take yi a tafireta in za ta daidaita kan takarda. Arba'in da ɗaya. Layi na biyu bai kai haka ba, don "Duba ƙari" ya ci wurinsa, talatin ne da ƙyar. Ta ja akwati biyu a takardar, dogo da gajere.

Abin da hannunta ya fara rubutawa irin na ofis ne: game da agogon da ya ɓace a shago na bakwai, ƙungiya tana sanar da jama'a cewa. Akwatunan suka cika ba ta ce komai ba, sai maimaita zargin da ta yi. Ta soke. Ta gwada sa "Sanarwa" a sama shi kaɗai, 'yar ta ce kalma ɗaya ta cinye layi guda, in kuma ta bar fili a ƙasanta an gama. Ta soke. Ta sa sunan ƙungiya, 'yar ta nuna mata cewa sunan yana saman kowane saƙo dama.

"Mama, kamar mai ɗinka likkafani. Layi biyu ne fa."

"Na farkon ma layi biyu ne."

Sai da ta cika rabin takardar da soke-soke ta samu abin da ya zauna:

Mai guga bai ɗauki agogon ba. An same shi ranar Talata, ga inda yake:

A ƙasan wannan ta sa sakin layi na shida na Shugaba, kalma da kalma, da sunan muƙaminsa. Sauran takardar, gaisuwa da fitila da shara da babura, suka biyo baya yadda ya jera su.

'Yar tana da wani rufaffen zaure a intanet da ita kaɗai ce a ciki, inda take gwada tallanta kafin ta saki. Suka sa a can. A wayar 'yar layi biyun suka fito daidai, aka yanke bayan "ga inda yake." Sakatariya ba ta gamsu ba. Ta tuna Tela da rabin dattawan benen sun ƙara girman rubutun wayoyinsu saboda ido. Ta sa aka ƙara na 'yar har ƙarshe. Yanzu yankan ya zo da wuri, bayan "An same shi," amma jimlar farko tana nan cikakkiya a layin sama.

"Ko makaho ya samu rabonsa," in ji 'yar. "Saki."

"Ba yanzu ba. Da safe, in an buɗe shaguna."

Dalilin da ta bayar ke nan. Akwai wani da ba ta faɗa ba. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa sa kalmarta a saman ta mai sa hannu ba, kuma an ce mata a bar shi yadda yake. Ta ninke takardar fensir ɗin ta sa a jaka.

Ranar Juma'a da ƙarfe tara, tana jin ƙarar jan tebur daga shago na bakwai, ta saki.

Ba a yi rabin awa ba keken Tela ya tsaya. Sai ga shi a bakin ƙofa da waya a hannu.

"Hajiya, a mota? Ƙarƙashin kujera?"

"Haka aka rubuta."

"Tun Talata ta wancan makon? Kuma ba a faɗa ba?"

"An faɗa. Kai ma ka ce amin."

Ya sosa ƙeya, ya koma. Sharhi ya fara shigowa, wannan karon ba fure. Wata ta ce Allah ya isar wa bawan Allah. Wani ya tambaya me ya sa aka yi shiru. Wani kuma, wanda ba ta sani ba, ya rubuta cewa a bincika da kyau, ta yiwu mayar da shi aka yi. Ta karanta wannan sau biyu, ta bar shi. Kafin azahar waɗanda suka taɓa saƙon sun haura ɗari biyu.

Shugaba ya sauko bayan azahar. Ya zauna a kujerar baƙi, abin da bai saba ba, ya ɗora waya a gwiwa.

"Sakatariya, na ga aiki."

"Ranka ya daɗe."

"Na ɗauka mun ce a bar shi."

"Na bar shi. Yana nan yadda ka ba ni. Wannan wani ne."

"Layin saman nan ba nawa ba ne."

"Nawa ne. Daga nan zuwa ƙasa naka ne, ban cire ko waƙafi ba."

Ya yi ɗan murmushi, ya dubi tafiretar da ke kan kabad kamar yau ya fara ganinta. "Mutane za su ce ɓoyewa na yi."

Ta jira ya ce bai ɓoye ba. Bai ce ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

"Aikin shafin nan ya yi miki yawa, ga shago ga jikoki," in ji shi. "Ki rubuta mini lambar sirrin, ma'aji ya ɗan karɓe ki."

Ta yagi gefen takarda ta rubuta masa, da kyakkyawan rubutunta na ofis. "In za a goge, ranka ya daɗe, mutum talatin da wani abu sun riga sun tura wa wasu."

"Wa ya ce za a goge?" Ya miƙe, ya manta bai sunkuya ba, matattakala ta taɓa masa hula. Ya gyara ta ya fita.

Da yamma ta ga matar mai kantin magani ta nufi shago na bakwai da ƙullin kaya. Daga inda take zaune tana hango su. Matar ta gaishe shi da fara'a mai yawa, sannan ta kwance ƙullin, ta bi aljihun kowace riga da hannu a gabansa kafin ta miƙa. Mai Guga ya tsaya yana kallo har ta gama, ya karɓa. Bayanta Tela ya aika da riguna huɗu. Wani ya kawo wando ɗaya, kamar mai gwada zurfin ruwa da ƙafa.

Ranar Asabar da safe Mai Guga ya sunkuyo ya shigo. Teburinsa yana waje, an ɗaure ƙafafunsa da igiya tun jiya.

"Yaya, an ce an karɓe shafin."

"An hutar da ni."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana duban injin kwafar takardu. "Tunda kin iya wannan, me ya hana tun ranar Litinin?"

"Ban iya ba ranar Litinin."

Ya dube ta. Ba ta ga alamar ya yarda ba, ba ta kuma ga alamar ya ƙi ba.

"Na ce wa yayana ya ba ni wata ɗaya in gani," in ji shi. "Kina da almakashi? Igiyar nan na ɗaure ta da yawa."

Ta buɗe aljihun tebur ta miƙa masa.